Ƙarfe Ya Faɗi, Sai a Kira Chioma

Shekarar da soja suka koma bariki, babu abin da ya yi kasuwa a Kano kamar fim ɗin kaset. Duk wanda ya sayar da babur ɗinsa sai ya wayi gari ya ce shi furodusa ne. To cikin masu cin abinci a harkar akwai Lateef, Bayaraben Fagge, wanda a nan aka binne cibiyarsa, Hausar bakinsa ma ta fi ta wasu 'yan cikin gari daɗi. Ubansa tela ne. Shi bai gaji keken ba, amma ya gaji idon, sai dai nasa idon a kunne ya fito.

Ɗakin aikinsa yana Sabon Gari, saman wani bene, a layin masu sayar da rediyo da talabijin. Ƙasan benen shagon abincin Philomena ne, wata Ibo mai jiki da murya, wadda kowa ke ce wa Madam. Tana zaune da ƙanwarta Chioma, mace mai nauyin kunne, don haka kiran Chioma a layin nan ya fi ƙarar jirgin ƙasa. Kullum sai Madam ta kwarara shi sau ashirin, har masu shaguna suna kwaikwayonta in suna son dariya.

Aikin Lateef shi ne sautin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fim. Mai fiyano zai buga masa kiɗa ɗan guntu, shi kuma ya sa a kwamfuta ya mai da shi zagaye, ƙarshe ya koma farko, ya yi ta tafiya har inda ake so. Wurin da ƙarshen ke haɗuwa da farkon shi yake kira ɗinki, irin maganar gidansu. Yana cewa sauti a fuskar kwamfuta kamar haƙoran zarto yake, yana hawa yana sauka a kan wani layi na tsakiya. In ka yanke shi yana sama, ka haɗa da inda yake ƙasa, sai lasifika ta yi tsalle, ka ji ƙas. Wannan ƙas ɗin ita ce abin kunyar masu aikin, kuma rabin fina-finan garin cike suke da ita. Shi kam sai ya buɗe zanen ya yi ta matsowa har ya sami inda zarton ya taɓa layin tsakiya, nan yake sa wuƙa, kuma a kan dukan ganga, don kada kiɗan ya yi tuntuɓe. Amon da ya yi saura a wutsiya kuwa, ba ya yar da shi, ɗauko shi yake ya shimfiɗa a ƙarƙashin kai. Sai ka ji kiɗa na tafiya minti biyar, ka rantse mai fiyano bai ɗaga hannu ba.

Da wannan ya yi suna, sunan ne kuma ya jawo masa Alhaji Sammani.

Sammani ba ɗan fim ba ne tun asali. Lokacin zaɓe shi ke tara wa 'yan siyasa matasa da motoci da manyan akwatunan lasifika. Zaɓe ya wuce, waɗanda ya yi wa hidima suka hau kujera, shi aka bar shi da matasan da akwatunan, ga su da ci ba su da aiki. Ya hawo benen wata Litinin, makonni kaɗan bayan rikicin addinin da ya faru a Kaduna. Garin a lokacin kamar tukunyar da aka danne da murfi yake. Motocin kudu suna fita cike da katifu da yara. In taya ta fashe a mahaɗar Bata, bakin Sabon Gari, kafin a gane taya ce an rufe shaguna ɗari.

Sammani ya zauna ya ce fim zai yi na yaƙin zamanin da, yana son hayaniyar taro, mutane sun taso wa gari, da gudu da ihu da fashe-fashe. Lateef ya tambayi hoton da za a ɗora wa sautin, aka ce ana kan ɗauka. Ya tambayi tsawon fitowar, aka ce ya yi ta yi kawai, rabin awa. Abin ya ɗan tsaya masa a rai, don bai taɓa ganin fitowar da ta kai rabin awa ana ihu ba, amma masu fim na lokacin babu irin shirmen da ba sa zuwa da shi. Ya karɓa.

Yana da wata hayaniya da ya taɓa ɗauka da rikoda ranar da aka biyo ɓarawo a bakin kasuwa, ba ta fi sakan ashirin mai kyau ba. Aiki ya yi masa yawa a makon, sai ya yi mata ɗinkin gaggawa, ya zuba ganguna a ƙasa don su rufe aibu. Laraba Sammani ya dawo ya saurara, idonsa a rufe, carbi a hannu. Bai kai minti biyu ba ya ɗaga yatsa.

Ashe mutumin kunne gare shi. Shekarun da ya yi a bayan lasifikar kamfen ba a banza suka tafi ba. Ya ce akwai ƙas, ya ji ta sau biyar. Ya ce akwai wani hon na mota da ke dawowa kamar mai bara a ƙofa ɗaya, da wani mutum mai cewa a tare can, a tare can, kullum da murya guda. Ya ce ko jaririn goye zai gane kaset ne.

"An ce min kai ne gwanin Kano, Injiniya. Ashe gwanin Fagge ne kawai."

Maganar ta soki Lateef, ya ce a ba shi kwana uku. Sammani ya miƙe, har ya kai ƙofa sai ya juyo ya ce, af, a cire gangunan nan, ba ya son kiɗa ko ɗigo. Sannan hayaniyar ta faro daga nesa ta riƙa matsowa. Kuma ba a kaset ɗin bidiyo zai ba shi ba, a kaset ɗin rediyo yake so, fuska guda cif.

Lateef ya juya maganar a ransa. Fim ɗin Hausa ba kiɗa, ai ko wa'azi aka ɗauka sai an ɗan sa fiyano a farko. Kuma me mai fim zai yi da kaset ɗin rediyo? Ya ɗaga kai ya ga Sammani ya koma bakin taga, ya ɗage labule yana kallon layin, shago bayan shago, talabijin a jere har bakin titi. Sai Sammani ya tambaya kamar da wasa, wai ƙarfe nawa layin nan ya fi cika, kuma lungun can na bayan cocin yana ɓullewa?

Nan Lateef ya gane ba fim za a yi ba, layin ake so a watsa a kwashe kaya. Ya ce, Alhaji, aikin nan ya fi ƙarfina, a nemi wani.

Sammani ya saki labulen ya yi murmushi. Ya ce ai shi ba ya tilasta wa kowa. Sai ya shiga yabon gidan su Lateef, mai ƙofa shuɗiya, na uku daga famfo, ya ce ya ga Silifat, matar Lateef ɗin, jiya tana shanya, cikin ya tsufa, Allah ya sauke ta lafiya. Ya ce zamani ne mai wuya, baƙo yana bukatar wanda zai ce wannan namu ne ranar da aka fara tambaya.

"Ni ba baƙo ba ne, Alhaji. A Fagge aka haife ni."

"Ni na sani," in ji Sammani. "Yaran ne ba su sani ba."

Bayan fitarsa Lateef ya daɗe zaune fanka na juya masa zafi. Ya tuna 'yan sanda, ya tuna su wa ke gaisawa da Sammani a yanzu, ya ajiye wannan. Ya tuna gudu Ilorin wajen dangin da bai taɓa kwana gidansu ba, da mace mai cikin wata tara a bayan mota, ya ajiye. Ya ce to ya ɓata aikin, sai ya tuna yatsan nan da ya ɗagu tun kafin minti biyu. Mai wannan kunnen ba a yi masa ƙas da gangan ya ɗauka kuskure ne.

Sai ya zauna ya yi aikin, kuma abin da zai riƙa cin ransa daga baya shi ne ya yi shi da kyau, har wani wurin ya ji daɗin hannunsa.

Da farko ya tsince hayaniyar kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hon ɗin ya fita, mai a tare can ya fita, duk wani abin da kunne zai riƙe ya gane in ya dawo, ya fita, aka bar gurnanin taro kawai. Hayaniya ba kamar kiɗa ba ce, ba ta da dukan da za ka yanka a kai, sai ya kwantar da wutsiya a kan kai wajen sakan uku, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Da ya saurara sai ya ji tsakiyar ɗinkin ta yi rami, kamar taron ya ja numfashi tare, don in an saukar an ɗaga a miƙe haka ake samu. Ya yi wa layukan biyu ɗan doro, ramin ya cike. Daga nan ya yi shimfiɗa uku, ɗaya sakan goma sha tara, ɗaya talatin da ɗaya daga wata hayaniyar filin ƙwallo, ta uku ta takun ƙafafu, arba'in da uku. Ya sake su tare, kowace na zagayenta. Tunda tsawonsu bai zo ɗaya ba, biyun farko ma sai an kusa minti goma suke sake haɗuwa yadda suka faro, da ta ukun kuwa kaset zai ƙare ba su haɗu ba. A saman wannan ya warwatsa su fashewar kwalba da ihu ɗaiɗai, tazararsu ba daidai ba, wani da ƙarfi wani can ƙasa, wani ya ɗan ja masa murya ta yi kauri. Farkon kuma ya rage masa kaifi ya dushe shi, yadda abin nesa ke zuwa kunne, sannan ya riƙa buɗewa a hankali.

Ranar Juma'a da hantsi ya kunna a hankali don ya gwada, ƙofa a rufe. Shi da ya haɗa abin da hannunsa, sai da ya tashi ya leƙa taga.

Yana tsaye a tagar ne Madam ta kwarara kiran Chioma daga ƙasa, wani mai gyaran rediyo ya amsa mata da muryar mata, layin ya kwashe da dariya. Nan dabara ta faɗo masa. Yana da wannan kiran a ajiye. Ranar da ya sayo makirfo yana gwadawa ta taga, ƙofar ƙarfen shagon Madam ta suɓuce ta faɗi, ƙarar ta cika layi, aka yi kamar ƙirga uku, sai Madam ta ƙwala da yarensu, Chioma, bia, wato Chioma, zo! Wanda bai san ta ba zai ce mace ce ake yankawa. Wanda ya san ta kuwa ya san miya ce za ta ƙone.

Ya ɗauko guntun yadda yake, ƙarfe da kiran a manne, bai raba su ba. A ƙa'idar aiki wannan kuskure ne, don abu biyu in suna zuwa tare kullum, komai daɗewa kunne zai kama su. Amma ya san Sammani tazara yake bi da yatsa, sai ya sa shi sau tara cikin rabin awar, wani bayan minti biyu, wani bayan huɗu da rabi, wani a nutse cikin taro, wani a sarari. Lissafinsa shi ne, duk ranar da aka saki kaset ɗin nan a layin, mutum na farko da zai ji muryar Madam tana tahowa daga bayan coci alhali ga Madam tsaye tana zuba miya, dariya zai yi, kuma taron da ya yi dariya ba ya gudu.

Da ya sauko cin abinci ya ce mata, Madam, in wata rana kika ji kanki kina kiran Chioma daga wani wuri, kada ki tsorata, kaset ne, ki gaya wa mutane. Ta dube shi sheƙeƙe ta ce a sa ta a fim ba a tambaye ta ba, to ita sai dai a sa ta matar gwamna. Ta ƙara masa nama guda ta ce ya ci, ya rame kamar igiyar rediyo.

Asabar Sammani ya zo da wani yaronsa, Modu, ƙato mai tabo a haɓa, suka saurari rabin awar tas. Lateef yana zaune, idonsa a kan yatsan nan. Sau ɗaya yatsan ya motsa, wajen kira na huɗu, sai Sammani ya buɗe ido ya ce matar nan wane yare take yi? Lateef ya ce Ibo ce, in ba a so a cire. Sammani ya dubi Modu, Modu ya dubi Sammani.

"A'a, bar ta. Ita ce ma gishirin."

Lateef bai gane abin da ya sa suka yi murna ba. Ya ɗauka daɗi suke ji za a tsorata mutane da muryar 'yar'uwarsu. Suka sa kaset a aljihu suka sauka.

Kwana uku Lateef yana zuwa aiki da sassafe, ba ya komai sai zama kusa da taga. In an ɗauke wuta ma ba ya kula. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, layin na cinikinsa. Talata da rana aka aiko daga gida cewa Silifat na jin ciwon baya, ya rufe ɗaki ya tsallaka Fagge. Ashe ba haihuwar ba ce, ungozoma ta ce da sauran kwana. Ya yi azahar a masallacin unguwa, ya ce bari ya biya layin 'yan shadda da ke gefen kasuwar Kwari ya karɓo wa Silifat zanen goyon da ta zaɓa.

Yana tsaye a gaban shagon Malam Hambali, wani dattijo da ya san ubansa, ana warware masa zane, sai ya ji shi.

Can nesa, ta wajen Bata, kamar ruwan sama na tahowa a kan kwano. Babu wanda ya kula da farko. Lateef kuwa tun numfashin farko ya gane shi, yadda uwa ke gane tarin ɗanta cikin yara ɗari. Ya dubi dilolin shadda da leshi da aka jibge har rufi, sabon kaya, layi guda ya fi talabijin ɗin Sabon Gari duka, kuma ga shi ba ya fashewa in an jefa a mota. Tambayar taga da lungun coci ashe ƙasa aka watsa masa a ido, ko kuma an duba can ɗin an ga nan ya fi maiƙo. Oho. A nan dai babu wanda ya taɓa cin miyar Madam.

Hayaniyar ta matso, yadda ya tsara mata. Wani mai ɗaukar kaya ya tsaya da dila a ka. Wata mata ta ja 'yarta. Aka fara tambayar lafiya, lafiya, ba mai amsa. Sai ƙarfe ya faɗi, sai muryar mace ta tsaga sama da yaren da kowa ya san na wane ne.

Wani ya ce 'yan Sabon Gari ne suka tsallako. Lateef ya waiga, ya ga mai maganar yana da tabo a haɓa.

Daga nan layi ya yamutse. Masu shago wasu suka ja ƙofa, wasu ko ja ba su yi ba suka bi lungu. Takalma suka zube, tiren mai goro ya kife. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsinka zuciyar Lateef shi ne waɗanda ba su gudu ba. Masu dako da 'yan acaba da samarin unguwa suka fara zare itacen rumfa, wani ya fito da almakashin yadi, wani da ƙarfen awo, suna taruwa a bakin layi fuskarsu na kallon Bata. In suka fita suka tsallaka titin nan, ba kaset za su tarar a can ba. Madam za su tarar da tukunyarta, da Chioma wadda ko gudun mutane ba za ta ji ba sai an iso kanta.

Malam Hambali ya kamo hannunsa ya ce ya shigo ciki a rufe, shi da fuskar nan tasa ba ranar tsayuwarsa a waje ba ce. Da ya shiga, da ya tsira, kuma babu mahalukin da zai taɓa sanin hannun wa ke cikin abin. Ya san haka sarai. Ya tsaya kamar ƙirga biyar yana kallon duhun shagon. Sai ya zare hannunsa, ya taka wata dila da aka yar a tsakiyar layi, ya hau.

Ya ce kaset ne. Ba wanda ya ji. Ya sake faɗa har muryarsa ta fashe, wani saurayi ya ɗaga masa gora ya ce ya sauka ko a sauke shi. Malam Hambali ne ya cece shi, ya fito da sandarsa yana dukan ƙofar ƙarfe yana kiran samarin da sunan iyayensu, ya ce su ba Lateef minti ɗaya don girman furfurarsa, in ƙarya ne shi da kansa zai shige gaba.

Lateef ya rufe ido ya bi sautin. Ya san inda ake, an wuce kira na biyu, ga kwalaben nan biyu da ya sa a jere, saura kaɗan.

"Ku saurara. Yanzu ƙarfe zai faɗi. In ya faɗi ku ƙirga uku, mace za ta ce Chioma, bia."

Aka kasa kunne cikin rashin yarda. Hayaniyar na ta tahowa, ba ɗinki ba rami, kamar mutum dubu na bayan katanga. Sakan goma, ashirin, babu ƙarfe. Shi ya warwatsa tazarar da hannunsa don kada a kama, ga shi yanzu ita ke neman kashe shi. Mai gorar ya matso taku biyu.

Ƙarfe ya faɗi.

Malam Hambali ya ɗaga yatsu, ɗaya, biyu, uku. Madam ta kira Chioma.

Wasu suka ce dace ne. Lateef ya ce to su jira, za ta sake, kuma da ƙarfen za ta zo, ba za ta canza ko harafi ba. Ya ce su duba kuma, tun ɗazu ake tahowa, wa ya ga mutum ɗaya? Ina hayaƙi? Ya ce kafin nan za a fasa kwalba, sai namiji ya yi ihu mai kauri. Aka fasa kwalba, namiji ya yi ihu mai kauri. Gorori suka fara sauka. Da ƙarfen ya sake faɗuwa, samari wajen ashirin ne suka ƙirga tare da baki, kuma da kiran ya zo daidai kan uku, wani ɗan acaba har ya yi dariya, irin dariyar wanda ya ga maciji ashe igiya ce.

Aka ce daga ina? Wani ya nuna kangon benen da ke ƙarshen layi ta wajen Bata, wanda aka daina gininsa tun zamanin soja. Mutum goma suka ruga can. A lokacin ne masu shagon ƙarshen layi suka leƙo suka ga wata a-kori-kura ta ja da baya daga lungu, rabinta cike da dila, aka ba ta wuta. Salati ya tashi, kowa ya koma duba abin da ya rage masa.

Lateef ya dubi bakin layi. Babu wanda ya tsallaka titi. Ya sunkuya zai sauko daga dilar, yana neman inda zai sa ƙafa, sai ya ga babu wuri. Mutanen da suka watse sun dawo, waɗanda aka kwashe wa kaya suna gaba, kuma duk shi suke kallo. Modu na cikinsu, hannunsa a aljihu, bai bi motar ba. Da ya yi magana ma bai ɗaga murya ba, kamar mai tambayar farashi.

"To ni abin da ban gane ba, jama'a, shi wannan Bayaraben ya aka yi ya san abin da ke cikin kaset ɗin?"

Malam Hambali ya juyo a hankali ya dubi Lateef, shi ma amsar yake jira. Mai gorar nan ya sunkuya ya ɗauki gorarsa daga ƙasa.

Waɗanda suka tafi kangon ba su kai ga kashe rikodar ba tukuna. Hayaniyar na nan na tahowa a bayan katanga, sumul, tana ƙara kusantowa, kuma Lateef ya san da sauran fiye da minti goma a fuskar kaset ɗin.